Rodi ya cika, amma injiniya ya ce a warware fila

Tambaya: Wata huɗu ke nan ina bin maigidana aikin ɗaurin rodi. Jiya mun gama ɗaure wata fila, kafinta ya rufe gefe uku, masu kwaɓa sun iso, sai injiniya ya leƙa ya ce a warware, wai tazarar rodi ba ta yi ba. Takwas zane ya ce, takwas muka sa, kauri ɗaya. Maigidana ya ce neman suna ne kawai. Don Allah wanda ya sani ya gaya mini, in rodi ya cika, ina ruwan tazara?

Amsa: Ƙanena, an taɓa yi mini irin wannan, kuma ranar da haushi na kwana. Yanzu ni ne mai leƙa filar in ce a zuba ko kada a zuba, don haka bari in ba ka labarin yadda ya faru, da lissafin da aka sa na yi da hannuna.

Ina da shekara kamar 20 lokacin, muna aikin wani bene mai hawa biyu a Kaduna. Aikina yankan waya, lanƙwasa ringi a kan benci, wato ƙarfen da ke zagaye rodin fila ya riƙe su, da miƙa wa maigidana rodi. Filar da ake magana tana ƙasa, a tsakiyar ginin, inda manyan bim biyu suka haɗu, wato tana cikin masu ɗaukar kaya mafi nauyi. Zane ya ba ta faɗin milimita 230 ta kowane gefe, daidai da bulo mai inci tara. Rodi takwas Y16, wato masu kaurin milimita 16, uku a kowace fuska. Ringi Y10 a kowane milimita 175. Kaurin kankaren da zai rufe ringi daga waje milimita 25. Tsayinta mita 3. Mun ɗaure ta da yamma, kafinta ya kafa akwati ya bar fuska ɗaya a buɗe. Da safe yashi da tsakuwa suna ƙasa, an jera buhunan siminti, an biya kuɗin hayar injin kwaɓa, leburori goma sha biyu sun naɗe ƙafar wando suna jira.

Injiniyan dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Bai ma fara da zane ba. Sai da ya biya ta tulin tsakuwa ya ɗebo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, sannan ya zo ya durƙusa a gindin filar, wurin da rodin da ya fito daga ƙasa, wanda muke kira sitata, ya haɗu da sabon rodin da muka tsayar. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya tura tsakanin rodi biyu. Ta ƙi shiga. Ya juya ta, ta ƙi. Ya gwada ɗaya ramin, ta wuce da ƙyar. Ya zura yatsa tsakanin ringi da katako ta gabas, yatsan bai shiga ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Wannan ba za a zuba ta yau ba."

Maigidana ya ce, "Haba Injiniya, ƙirga mana. Takwas ne cif."

Ya ce, "Na ƙirga, Malam. Rodinka ya cika. Ina hanyar kankare?"

Ni ina gefe da ƙugiyar ɗauri a hannu, fuskata ta nuna abin da ke raina. Sai ya kira ni. "Kai samari, kai ka lanƙwasa ringin nan? Kawo tef, ka samo takardar buhun siminti."

Ga lissafin da ya sa na rubuta. Faɗin fila 230. Cire murfin kankare, 25 ta nan 25 ta can, saura 180, wanda shi ne faɗin ringi daga waje zuwa waje. Cire kaurin ringin kansa, 10 da 10, saura 160 a ciki. A cikin wannan 160 rodi uku masu kaurin 16 za su tsaya, sun cinye 48, saura 112. Raba shi gida biyu, kowane rami tsakanin rodi da rodi ya sami 56. Abin da mai zane ya lissafa ke nan, kuma tsakuwa mai girman milimita 20, wadda muke cewa kwata uku, za ta wuce ta ramin 56 ba ko gogar gefe.

Sai ya ce in auna abin da muka yi. Ringinmu daga gabas zuwa yamma 160 ne, ba 180 ba, don haka cikinsa 140. A wurin haɗi kuma mun jera sabon rodi kafaɗa da kafaɗa da sitata, rodi shida ke nan a fuska ɗaya, sun cinye 96. Saura 44 kacal da za a raba wa ramuka biyu. Da ma an raba daidai, 22 da 22, da sauƙi, amma rodin tsakiya ya karkata, rami ɗaya ya sami 34, ɗayan 10. Kuma wannan a takarda ne, domin rodi mai zane a jiki ya fi kaurin sunansa idan ka auna har da tudun zanen. Haka muka gina katangar ƙarfe mai tsayin milimita 720 a gindin fila, muna jiran kankare ya ratsa ta.

Ƙa'idar da yawancin injiniyoyinmu suka yi karatu da ita, BS 8110 ta Birtaniya, ta ce ramin da ke tsakanin rodi da rodi kada ya gaza girman tsakuwa mafi girma a ƙara milimita 5, kuma kada ya gaza kaurin rodin kansa. Da tsakuwa 20, ana son 25 ke nan mafi ƙaranci. Ta Turai da ta gaje ta a can ita ma kusan haka ta faɗa. Ta Amurka ta fi tsanani a kan fila, ba ta yarda da ƙasa da milimita 40 ba. Ka lura cewa ma'aunin yana rataye ne a kan tsakuwar da ke ƙasa a wurin aikinka, ba wadda aka rubuta a takardar oda ba. Dalilin da dattijon ya fara biyawa ta tuli ke nan. Tamu an ce kwata uku ce, amma a ciki akwai dogaye masu kai 30.

Abin da ke faruwa idan ramin ya matse ka taɓa ganin irinsa a gida. Zuba gero a mazurari, yana tafiya. Zuba gyaɗa mai ɓawo, biyu ko uku su haɗu a wuya su tokare juna, duk abin da ke sama ya tsaya. Haka tsakuwa take yi tsakanin rodi. Biyu su gicciya, na bayansu su taru a kai, sai ruwan siminti da ɗan yashi su tsiyaye ta ƙasa. Bayan katangar rodin, tsakaninta da katako, sai a sami wurin da tsakuwa ce tsirara ba abin da ya riƙe ta, ko kuma rami ne fayau ba komai. Shi ne saƙar zuma. Kuma ta fi fitowa a gindi, domin can ne haɗi yake, can ne kankare ya fi nisan faɗowa yana rarrabewa, can ne kuma nauyin ginin duka yake sauka.

Ka ce rodi ya cika, to bari mu duba wa ke ɗaukar kayan. Fila irin wannan, da kankare mai ƙarfin 25, a lissafi tana iya ɗaukar wajen tan 100. Kusan rabi kankare ne yake ɗauka, rabi rodi. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na gindinta rami ne, kason kankaren ya ragu ke nan tun ba a ɗora komai ba. Abin bai tsaya nan ba. A wurin haɗi sabon rodi ba ya zaune a kan sitata kamar yadda ake ɗora bulo kan bulo, kuma wayar da ka ɗaure su da ita ba ta ɗaukar ko buhu ɗaya, aikinta ta riƙe su har a zuba. Nauyi yana fita daga rodin sama ya shiga kankaren da ya cije zanen jikinsa, daga kankaren ya shiga sitata ya sauka ƙasa. Shi ya sa ake ba haɗi tsawo, a zanenmu ninki 45 na kaurin rodi. Duk inda kankare bai lulluɓe rodin ba, wannan tsawon bai shiga lissafi ba. Za ka iya samun haɗi mai 720 a tef, amma wanda yake aiki bai kai rabi ba. Rodi takwas ɗinka suna nan, sai dai ba su da hanyar miƙa kayansu.

Yatsan da ya zura ta gabas magana ce ta biyu. Tunda ringin 160 ne a cikin akwati mai 230, akwai rarar 70, kuma ba ta rabu daidai ba: 5 ta gabas, 65 ta yamma. Ba mu sa biskit ba, 'yan ƙananan kankaren nan da ake ɗaurawa a jikin ringi don su tokare katako. Sabon kankare yana kare ƙarfe daga tsatsa, amma iska tana cin wannan kariya a hankali daga waje zuwa ciki, shekara bayan shekara. Murfi mai 25 yana jan lokaci mai tsawo kafin ta kai ga ƙarfe, mai 5 kuwa 'yan damuna kaɗan ne. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki-ba-ninki, sai ta tura kankaren waje, ka ga tsaga a tsaye tana bin layin rodi, da jan ruwa yana zubowa a jikin fenti. In gobara ta tashi ma, wannan murfin ne yake jinkirta zafi ya kai ga ƙarfe. Ta yamma kuma matsalar akasin haka ce. Fila ba danna ta kawai ake yi ba, bim yana ɗan lanƙwasa ta, kuma rodin da ke kusa da fuska shi ke tare wannan lanƙwasa. Wanda ya nutse milimita 40 ciki fiye da gurbinsa ya rage amfani.

Na uku shi ne laifina ni kaina. Ya ce in ƙirga ringi. A tsayin mita 3, da tazarar 175, ya kamata a sami 18. Na ƙirga 11. Daga ƙirji zuwa sama, inda ido ke gani, tazarar daidai take. Ƙasa kuwa 300, 350, kuma a wurin haɗi akwai inda ba ringi ko ɗaya har kusan taƙi biyu, domin zura ringi a kan rodi goma sha shida aiki ne mai cin yatsu, na gaji na tsallake. Dattijon bai yi mini faɗa ba. Ya zaro tsinke ɗaya daga tsintsiyar mai gadi, ya tsayar da shi a kan benci ya danna da yatsa, ya lanƙwashe nan take. Ya ce in riƙe tsakiyarsa da yatsu biyu, ya sake dannawa, sai da ya sa ƙarfi sosai. Ya ce, "Yatsunka su ne ringi." Sanda siririya da ake dannawa, idan ka ninka tsawon da ba a riƙe ba sau biyu, nauyin da za ta jure kafin ta gantsare yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ba rabi ba. Saboda haka ƙa'idar ta ce tazarar ringi kada ta wuce ninki 12 na kaurin rodi mafi ƙanƙanta. Ga Y16, 192 ke nan, mai zane ya sauko da shi 175. Muddin murfin kankare yana nan lafiya yana taimakawa wajen riƙe rodin, amma ranar da ya fashe, ringi kaɗai ya rage. Mu kuwa ta gabas murfin ma babu shi. Duk wanda ya taɓa ganin hoton filar da ta karye ya san siffar: rodi sun buɗe waje kamar kejin kaji, kankaren ciki ya zube.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne, laifin bai fara a ranar da muka ɗaure filar ba. Ya fara kwana goma kafin nan, ranar da aka zuba kankaren ƙasa. Sitata suna tsaye ba abin da ya riƙe kawunansu, leburori suna wucewa da kwanon sarki suna ture su, wani ya taka, wani ya jingina shebur. Kankare ya daskare da su a karkace: na gabas sun matso baki da milimita 20, na yamma sun shige ciki da 40. Da muka zo ɗauri, ringi mai 180 ya yi musu yawa, yana lilo. Maigidana ya ce in auna a jikin sitata in lanƙwasa daidai da su. Ka ga mun ɗauki ma'auni daga kuskure maimakon daga zane, sannan muka tsawaita kuskuren mita uku sama. Ringi biyu da aka ɗaure a kan sitata kafin zubin ƙasa, ɗaya daf da kankare ɗaya a sama, da ɗan katako a gicciye an kafe shi da ƙusa, da sun hana duk wannan.

Ɗan kwangila ya iso yana huci, don kuɗin yini na mutum goma sha biyu da hayar inji sun riga sun fita. Ya kawo shawarwari uku, kuma za ka ji su a kowane wurin aiki, don haka ka san amsarsu. Ya ce a ƙara ruwa a kwaɓin ya yi ruwa-ruwa, zai shiga ko'ina. Gaskiya ne ruwan zai shiga, amma tsakuwa ba ta ƙanƙancewa don an ƙara ruwa, kuma yawan ruwa shi ne babban abin da ke kashe ƙarfin kankare, sai ka sami fila cikakkiya a ido mai taushi a ciki. Ya ce to a sa kambar a ɓamɓare rodin a buɗa su. A sama za su buɗu, a gindi inda suke dashe cikin kankare ba za su motsa ba, kuma lanƙwasa rodi da ƙarfin tsiya daf da inda ya fito, ko gasa shi da wuta don ya yi laushi, yana raunana shi a daidai inda aka fi bukatarsa. Ta uku ita ce mai ɗan ma'ana: a kawo ƙananan tsakuwa, milimita 10 ko 12. Injiniyoyi suna yin haka da gangan a inda rodi ya yi yawa, tare da ƙarin siminti domin ƙananan tsakuwa sun fi shan siminti. Dattijon ya ce da matsewar ce kaɗai kuma ramin ya kai 20, da ya duba wannan. Amma rami mai 10 ko ƙananan ba za su wuce ba, kuma canjin tsakuwa ba ya ƙara murfi, ba ya dawo da ringi bakwai da suka ɓata.

Ɗan kwangila ya ce, "Ranka ya daɗe, filasta za ta rufe komai."

Ya ce, "Abin da nake tsoro ke nan, Alhaji."

Bai yanke gyaran shi kaɗai ba, ya kira wanda ya yi lissafin ginin a waya suka daidaita. Tunda sitatan gabas ba za su koma ba, aka yarda a faɗaɗa filar da milimita 20 ta wannan gefen, ta zama 250, domin wurin bango ne zai bi ta kai, ba ƙofa ko taga da za ta matse. Murfin gabas ya dawo 25. Muka yanke wayoyi muka sauke kejin gaba ɗaya. Na koma benci na lanƙwasa sabbin ringi masu 200 da 180, bakunansu a lanƙwashe sosai zuwa ciki yadda za su nutse a tsakiyar kankare, ba kwana ɗaya mai buɗewa da an matsa ba. Sitatan yamma aka karkato su waje a hankali, da sanyi, a kan dogon zango. Ƙa'ida ba ta son karkatar ta wuce ɗaya cikin shida, shi ya sa muka yi kusan ɗaya cikin goma. Babban canjin shi ne yadda muka jera haɗin. Maimakon kafaɗa da kafaɗa a fuskar fila, sai gaba da baya, ɗaya a jikin ringi ɗaya a bayansa ta ciki. Fuska ta koma rodi uku, ramuka suka buɗe sama da 50, kuma tsakiya ta rage da wurin da kan injin girgiza mai 40 zai sauka har ƙasa. A wurin haɗin ya sa aka matso da ringi zuwa 100. Biskit biyu a kowace fuska, a gindi, a tsakiya, da sama.

Duk abin da gyaran ya ci bai kai rodi Y10 tsayi biyu ba, da waya, da ɗan katako, da yini guda. Kankaren filar gaba ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kubik mita ba, siminti buhu ɗaya da wani abu.

Washegari ya tsaya a kan zubin da kansa. Aka share gindin daga ɓawon katako da guntayen waya, aka jiƙa. Kafinta ya buɗe taga a tsakiyar akwatin don kada kankare ya faɗo daga mita uku yana dukan ringi yana warwatsewa. Aka fara da ɗan kwaɓin siminti da yashi mai kauri, sannan kankare kaɗan-kaɗan, kowane zubi bai wuce taƙi biyu ba, a sa injin girgiza ya ratsa har cikin na ƙasa, a zare a hankali idan kumfa ta daina tasowa. Ni ya ba guduma ya ce in riƙa ƙwanƙwasa katakon daga ƙasa ina saurare. Inda ya cika yana amsawa da nauyi, inda babu komai yana kuka kamar ganga.

Wannan gudumar ce ta jawo wata maganar. Akwai filoli shida da aka zuba makon da ya wuce, lokacin da ya yi tafiya. Ya zagaya su yana dubawa, ya tsaya a kan guda biyu da aka shafe gindinsu da siminti tun safiyar da aka cire katako. Ka riƙe wannan alamar: sabuwar fila da aka yi wa faci a gindi kafin kowa ya iso, akwai abin da aka rufe. Ya ƙwanƙwasa, ɗaya ta amsa lafiya, facin na fuska ne kawai. Ɗayar da aka sa kurfi aka ɓare facin, tsakuwa ta riƙa zubowa da hannu, ana hango rodi tsirara har bayansa. Allah ya sa ba a ɗora mata bim ba tukuna. Aka farfashe ta har ƙasa da guduma, kwana biyu mutum biyu suna fama, aka sake ɗauri aka sake zubi. Da an riga an zuba dakin, wato kankaren daɓen bene, a kanta, sai an tokare bim da turaku ta ko'ina kafin a taɓa ta, a sare ruɓaɓɓen har a kai lafiyayye, a cika da kwaɓi na musamman marar ƙanƙancewa ko a yi mata riga da sabon rodi, kuma ko an yi, ba za ta zama kamar wadda aka zuba daidai tun farko ba.

Yanzu bari in ba maigidanka nasa haƙƙin, don ba kullum injiniya ke da gaskiya ba. Ɗaurin rodi aikin hannu ne, ba wanda yake samun 56 cif a kowane rami. Idan zane ya ce ringi a 175 aka sami 180 nan, 170 can, adadin ya cika, wanda ya ce a warware saboda wannan yana ɓata wa mutane lokaci ne. Rodin tsakiya da ya gusa da milimita 10 a inda ramin yake da 56, buga shi za a yi a mayar a ƙara waya, minti biyu. Akwai kuma lokacin da laifin na zane ne: mai lissafi ya cusa rodi masu yawa a siririyar fila don mai gida ba ya son ta fito daga bango, bai zauna ya lissafa wurin haɗi ba, inda adadin ke ninkawa. A nan ko wane gwani aka kawo ba zai sami tazarar ba, kuma abin da ya dace mai ɗauri ya faɗa tun kafin ya yanka rodi. Sannan injiniyan da ya san ranar zubi amma bai zo ba sai da aka rufe akwati masu kwaɓa suka taru, shi ma yana da kaso a asarar. Lokacin duba fila shi ne tana tsirara, kafin kafinta ya kawo katako. Dattijon namu ma ya amsa wannan da bakinsa, ya ce da ya ga sitatan tun washegarin zubin ƙasa da ba a kai nan ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ce tunda ya makara sai a zuba.

Kai dai ga yadda za ka gane wa ke da gaskiya a taku filar, ba sai ka yi gardama da kowa ba. Kada ka auna a sama inda rodi takwas ne kawai suke tsaye a sarari, nan kullum kyau yake. Durƙusa a gindi, wurin haɗi. Ɗebo tsakuwa daga tulin da za a kwaɓa, ka zaɓi manyan ciki, ka gwada kowane rami a kowace fuska. In sai ka juya ta ko ka tura da ƙarfi, ba za ta wuce ba lokacin da take cikin kwaɓi da 'yan'uwanta. Auna faɗin ringi daga waje ka kwatanta da faɗin fila bayan ka cire murfi biyu. Auna daga ringi zuwa katako ta gefe huɗu, ba gefen da ke buɗe kaɗai ba. Sannan ka raba tsayin fila da tazarar da zane ya ba da, ka ƙara ɗaya, ka ƙirga ringinka tun daga na farko, wanda bai kamata ya yi nisa da ƙasa fiye da rabin tazarar ba. Ni tun daga wancan aikin nake yawo da guntun katako a aljihu, gefe ɗaya na fere shi 25, ɗayan 40, shi nake zurawa kafin in ciro tef.

Ringin nan masu 160 da muka cire ba a zubar ba, maigidana ya sa na ajiye su a bayan benci, daga baya suka shiga lintar tagogin ɗakin mai gadi.